Yadda ake taya wayar hannu da aka tallata a intanet ƙasa da kuɗin da mai ita ya sa

Tambaya: "Malam, na ga tallar wata waya ta hannu a intanet, iPhone 12 mai gig 128, kuma ta kwanta mini a rai, sai dai kuɗin da mai ita ya sa ya yi mini yawa. Ina so in taya ƙasa da haka, amma ina jin nauyin kada ya ga kamar na raina masa kaya, kuma ni mutum ne da idan aka matsa mini sai in ƙara kuɗi ba da son raina ba. Yaya zan rubuta masa cikin mutunci, in kuma tsaya a kan maganata?"

Amsa: Ɗan'uwa, aikin da ke gabanka yawancinsa kafin ka rubuta saƙon farko ake yin sa. Mutumin da ake matsa wa ya ƙara kuɗi, galibi bai san takamaiman abin da wayar ta kai ba, shi ya sa duk maganar da mai kaya ya faɗa sai ta girgiza shi. Idan kuwa ka zauna ka fitar da adadinka da lissafi, ka san dalilin kowane ragi da kake nema, to ladabin da tsayuwar duka za su zo maka da sauƙi, domin abin da za ka kai masa hujja ce wadda shi ma zai iya dubawa da idonsa.

Ka fara da sanin kuɗin da irin wannan waya take tashi a halin yanzu. Kuɗin da ake rubutawa a talla fata ne na mai sayarwa, kuma yawancin masu talla suna ɗora wani abu a kai saboda sun san za a taya. Saboda haka ka nemi tallace-tallacen waya iri ɗaya sak, wato samfuri ɗaya da girman ma'ajiya ɗaya, domin mai gig 64 da mai gig 128 ba kuɗinsu ɗaya ba, kuma iPhone 12 daban take da 12 mini da 12 Pro duk da kusancin sunayen. Ka tara kamar guda shida zuwa goma, ka ajiye mafi tsada a gefe, ka ajiye mafi arha a gefe, domin mai arhar da ta wuce ƙima sau da yawa akwai wani aibi ko wata damfara a bayanta, sannan ka dubi inda sauran suka taru. Idan dandalin yana nuna waɗanda aka riga aka sayar, to su ne shaidar da ta fi ƙarfi. Idan ba ya nunawa, ka lura da tallar da ta yi makonni tana nan ba ta motsa ba, wannan alama ce cewa kasuwa ta ƙi kuɗinta. Ka kuma tambayi kuɗin da masu shago suke sayar da irinta tare da garanti na 'yan watanni, domin wanda yake sayarwa daga hannunsa ba tare da wani garanti ba, bai kamata kuɗinsa ya kai na shago ba, tunda duk abin da ya lalace bayan kun rabu a kanka zai faɗo.

Bayan haka sai ka koma kan ita wayar da kanta. A nan ina so ka rarrabe aibi gida biyu, domin mutane da yawa suna cakuɗa su, su yi ta ciniki a kan abin da bai kamata a saya ba ko da kyauta ne. Akwai aibin da ake rage kuɗi saboda shi, kamar batirin da ya gaji, ko gilashin baya da ya tsage, ko fuskar da aka canza, ko ƙarjewa a gefe. Akwai kuma aibin da yake kashe cinikin ɗungurungum. Babba a cikinsu shi ne waya ta kasance a ɗaure da asusun wani. Tun shekarar 2013 kamfanin Apple ya sa wa wayoyinsa makullin da ake kira Activation Lock, wanda yake hana a yi amfani da waya bayan an goge ta sai da asusun mai ita na asali, kuma wayoyin Android suna da makamancinsa tun 2015, mai neman asusun Google na ƙarshe da aka yi amfani da shi a kanta. Duk mai sayarwar da ya ce maka ya manta kalmar sirrin asusunsa, ko ya ce wayar ta wani ɗan'uwansa ce da ya yi tafiya, to ka yi masa godiya ka janye, kada arha ta ruɗe ka. Haka ma wayar da lambarta ta IMEI take cikin jerin waɗanda aka toshe saboda sata ko bashi. Ana ganin wannan lamba mai alƙaluma 15 idan aka danna wannan a wurin kira:

```
*#06#
```

Lambar da ta fito ya kamata ta yi daidai da wadda ke cikin saitin wayar da wadda ke jikin kwali, idan kwalin yana nan.

Saƙonka na farko kada ya ƙunshi maganar kuɗi ko kaɗan. Na san wasu za su ce ɓata lokaci ne, amma a ganina shi ne matakin da ya fi kowanne amfani. Mai talla yana samun saƙonni birjik daga mutanen da ba su ko gaishe shi ba, sai dai su rubuta "nawa ne ƙarshe?" ko su jefo rabin kuɗin su ɓace, har ya kai ga ba ya ɗaukar irinsu da muhimmanci. Wanda ya yi sallama, ya yi tambayoyin da suka nuna ya san waya, nan take ake gane mai saye ne na gaske, kuma mai saye na gaske shi ake yi wa ragi. Ga irin abin da za ka rubuta:

"Assalamu alaikum, Malam, barka da yau. Na ga tallar wayarka iPhone 12 mai gig 128, kuma ina da sha'awar saye idan tana nan. Don Allah ko za ka turo mini hoton shafin Battery Health, da na shafin About inda ake ganin Carrier Lock da tarihin kayan da aka canza? Sannan ina so in san ko an taɓa buɗe ta don gyara, ko Face ID yana aiki, kuma ko za ka iya cire asusunka a gabana ranar da muka haɗu. Na gode."

Kowace tambaya a nan tana da aikinta. Shafin Battery Health, wanda ke ƙarƙashin Settings sannan Battery, yana nuna kashi nawa cikin ɗari na ƙarfin batirin ya rage. Kamfanin ya ce batirin iPhone 14 da waɗanda suka gabace ta an yi shi ne ya riƙe kashi 80 na ƙarfinsa bayan cikakken caji sau 500, kuma idan ya sauka ƙasa da 80 wayar da kanta takan nuna cewa batirin yana bukatar a duba shi. Ita iPhone 12 ta fito ne a watan Oktoba na 2020, don haka idan ka ga tana nuna kashi 100, to galibi an canza batirin, kuma sai ka tambayi wane iri aka sa, domin akwai masu gyaran da suke iya sa lambar ta nuna ɗari alhali batirin bai kai haka ba. Layin Carrier Lock kuwa idan ya nuna No SIM restrictions, wayar za ta karɓi kowane layi. Shi kuma shafin Parts and Service History, wanda aka ƙaro a ƙarshen 2021, yana bayyana ne idan an taɓa canza batir ko fuska ko kyamara, kuma idan abin da aka sa wayar ba ta amince da asalinsa ba sai ta rubuta Unknown Part. Face ID kuwa shi ne tsarin da ke buɗe wayar idan ta gane fuskar mai ita. Ga mai sayen Android tambayoyin kusan ɗaya ne, illa dai ba kowace ce take nuna lafiyar batir ƙarara ba, sai ka nemi hoton fuskar a kan farin shafi don ka ga ko akwai inuwar tsohon rubutu da ta ƙone a jikinta.

Yanzu bari mu bi lissafin da misali. Domin ya yi aiki da kowane irin kuɗi, mu ɗauka cewa abin da ya rubuta a tallarsa 100 ne, duk sauran alƙaluman kuma na misali ne da za ka maye gurbinsu da abin da ka samo. Ka bincika ka ga cewa lafiyayyun irinta, masu batir sama da kashi 85 kuma ba a taɓa buɗe su ba, suna tashi a wajen 92. Ya turo maka hotuna, ka ga batirin yana kan kashi 78, babu wani abin da aka canza, Face ID lafiya, layi a buɗe, sai 'yar ƙarjewa a kusurwa ɗaya. Ka tambayi mai gyaran da ka yarda da shi, ya ce canza batir mai kyau tare da ladan aiki zai ci 9. To, 92 a cire 9 ya zama 83, kuma wannan 83 ita ce iyakarka, wato adadin da idan ka haura shi ka biya fiye da abin da za ka biya a wani wuri don samun waya mai lafiya ɗaya. Ka rubuta ta a takarda kafin ka ci gaba da magana da shi. Ba ina nufin ka riƙe ta a zuci ba, ka rubuta ta da hannunka, domin lokacin da ciniki ya yi zafi zuciya tana da saurin samo uzurin ƙara biyu ko uku.

Ka lura ban cire komai ba saboda ƙarjewar kusurwa. Wayar da ta yi shekaru a hannu dole a ga alamar hannu a jikinta, kuma kuɗin kasuwar da ka samo ya riga ya haɗa da wannan. Haka nan kada ka kawo maganar cewa babu kan caja, domin iPhone 12 tun daga kamfani ba ta zo da kan caja a kwalinta ba, igiya kawai aka sa, kuma mai wayar ya san haka. Da zarar ka kawo hujja ɗaya marar tushe, ya samu damar yin watsi da sauran hujjojinka masu tushe. Gara hujja ɗaya tak wadda ba za a iya musanta ta ba, a kan guda biyar da aka tattaro don a cika baki.

Tayin farko kuma sai ya zama ƙasa da iyakarka kaɗan, yadda za ka samu wurin motsawa sau ɗaya ko sau biyu. A wannan misali 78 ta yi daidai. Idan ka fara da 83 kai tsaye, ba ka bar wa mai kaya abin da zai ce shi ma ya samu ba, kuma mutane ba sa son su sallama kaya a kan tayin farko ko da ya yi musu, saboda sai su ji kamar an fi su wayo. Idan kuma ka fara da 50 ko 60, wannan shi ne tayin wulaƙanci da kake tsoro, kuma illarsa ta wuce ɓacin rai: mai kaya zai daina amsa maka, ko ya ƙi sauka ko kaɗan don ya rama. Ma'aunin da nake ba mutane shi ne, duk adadin da ba za ka iya bayyana yadda ka samo shi ba idan aka tambaye ka, to kada ka furta shi. Saƙon zai iya zama kamar haka:

"Na gode da hotunan, Malam, kuma a gaskiya an riƙe wayar da kyau. Abu ɗaya da na gani shi ne batirin ya sauka zuwa kashi 78, wanda ke nufin sai na canza shi da zarar na saya, kuma na tambaya an ce mini zai ci wajen 9. Na kuma duba irinta masu lafiyayyen batir na ga suna tashi a wajen 92. Saboda haka ina taya ta 78. Kuɗin suna hannu, kuma zan iya zuwa gobe da rana in duba ta in biya nan take idan komai ya yi daidai da yadda ka faɗa. Idan bai yi maka ba babu komai, na gode da lokacinka."

Ka dubi yadda aka gina shi. Ya fara da yabon da yake gaskiya ne, domin kushe kayan mutum don a karya masa farashi shi ne abin da ya fi ɓata ciniki, kuma duk wanda ya ce waya ba ta da kyau alhali yana neman sayenta, maganarsa ta ci karo da kanta. Ya kawo aibin a matsayin kuɗin da zai fita daga aljihunka, bai ɗora wa mai wayar laifi ba. Ya faɗi adadi guda ɗaya. Kada ka taɓa rubuta "tsakanin 78 da 83", domin mai sayarwa 83 kawai zai gani, daga can kuma zai fara jan ka sama. Sannan ya ba shi wani abu a madadin ragin, wato tabbacin kuɗi a hannu da ƙayyadadden lokaci, wanda yake da daraja sosai ga mutumin da masu alkawarin zuwa suka sha shanya shi. Abin da babu a cikin saƙon shi ma da gangan ne: babu ban haƙuri mai yawa, babu "don Allah ka taimaka mini", babu labarin cewa kuɗinka ba su kai ba. Wanda ya ce abin da yake da shi ke nan, ya mai da ciniki roƙo, kuma amsar da zai samu ita ce ya je ya ciko ko ya nemi wadda ta yi daidai da aljihunsa. Hujjarka ta tsaya a kan wayar, domin ita ce ku biyu kuke iya gani.

Bayan ka tura, ka yi shiru. Wannan ne wurin da masu jin nauyi irinka suke faɗuwa. Sai awa biyu ta wuce ba a amsa ba, sai mutum ya tsargu ya sake rubutawa, "ko 82 ma zan iya", ya ƙara wa kansa kuɗi ba tare da an ce masa uffan ba. Shirun mai kaya yana iya zama aiki ne ya riƙe shi, yana iya zama yana jiran ya ga ko wani zai taya sama da kai, yana kuma iya zama dabara. Ko wanne ne, maganin ɗaya ne, ka bar shi har kwana guda, sannan idan kana so ka tuna masa da layi ɗaya cewa tayinka yana nan.

Mu ce ya amsa da cewa albarka, ƙarshenta 92. Kada ka ji haushi, domin saukowa daga 100 zuwa 92 ta nuna ƙofa a buɗe take. Amsarka ita ce ka yarda da abin da yake daidai a maganarsa, ka mai da shi kan batirin: "Gaskiya ne, Malam, 92 kuɗinta ne da batirin yana da lafiya, kuma da haka ne da ban ja ba. Amma da na biya 92 na ƙara 9 na batir, ta tasar mini 101, wato sama da abin da ka sa tun farko. Zan iya ƙarawa zuwa 81." Idan ya sake saukowa zuwa 88, sai ka yi motsinka na ƙarshe zuwa 83, ka kuma faɗa masa a fili cewa nan ka tsaya. Ka lura ƙarin farko uku ne, na biyu kuma biyu. Ƙarin da yake raguwa yana sanar da mai kaya cewa ka kusa bango, amma idan ka ƙara biyu sannan ka ƙara biyar, ka koya masa cewa matsa maka yana biya. Kuma kalmar "ƙarshe" sau ɗaya ake faɗinta. Wanda ya ce 81 ce ƙarshe sannan ya koma 83, ba za a yarda da shi ba idan ya ce 83 ce ƙarshe.

Akwai maganganu uku da kusan tabbas za ka ji. Ta farko ita ce, "wani ya taya 90." Wataƙila gaskiya ne, wataƙila ba haka ba, kuma ba aikinka ba ne ka ƙaryata shi, domin ƙaryatawa cin fuska ce da ba za ta rage maka ko kaɗan ba. Ka ce masa, "Madalla, idan ya cika alkawari ka sayar masa, Allah ya sa albarka. Idan kuma bai zo ba, tayina na 83 yana nan har jibi." Da wannan ka mutunta shi, ka kuma bar masa hanyar dawowa ba tare da jin kunya ba, kuma sanya wa'adi yana hana ya riƙe tayinka a aljihu yana yawo da shi wurin wasu masu saye. Ta biyu ita ce, "ni da na saye ta da tsada." Wannan gaskiya ce da take yi masa ciwo, don haka ka tausasa harshe, amma kuɗin da ya biya shekarun baya ba shi ne kuɗinta yau ba, tunda kusan kowace shekara wajen watan Satumba sabon samfuri yana fitowa, na baya kuma su ƙara sauka. Ta uku ita ce wadda ta fi kama mutanen kirki, wato "to mu raba bambancin biyu." Tana da kamannin adalci, amma tsakiyar tana dogara ne da inda kowa ya fara. Idan kana 83 yana 88, rabawa za ta kai ka 85 da rabi, ka haura iyakar da ka fitar da lissafi saboda kawai shi ya fara daga sama. Sai ka ce, "Na so a ce zan iya, Malam, amma 83 ɗin ba ni na ƙage ta ba, kuɗin kasuwa ne aka cire na batir."

Hanya ɗaya ce nake ganin ta halatta ka haura iyakarka, ita ce idan wani sabon abu ya shigo cikin cinikin wanda yake da kuɗi a zahiri. Misali ya ce shi zai canza batirin da kansa a wurin da ka amince da shi kafin ya miƙa maka, to ka ga 92 ta zama daidai. Ko ya haɗa maka da caja ta asali da kake bukata, wadda dama sai ka saya, to kana iya ƙara abin da bai wuce kuɗinta ba. Rigar waya da ta tsufa da gilashin kariya da ya riga ya tsage kuwa ba su da wani kuɗi, ko da an lissafa su a talla.

Idan ya tsaya a 88 ya ƙi motsi, ka yi sallama da shi da kyakkyawar magana ka tafi. Shi ma yana da haƙƙin ya ƙi, kamar yadda kake da haƙƙin ka taya, kuma ƙin sallamawa ba rashin mutunci ba ne. Irin wannan waya an yi ta da yawan gaske, gobe ma za ka ga wata tallar. Abin da yake sa mutum ya kasa tafiya shi ne ya riga ya ƙwallafa rai a kan guda ɗaya, shi ya sa nake ba da shawarar ka riƙa magana da masu talla biyu ko uku a lokaci guda, da sharaɗin kada ka ba mutum biyu alkawarin saye. Sau da yawa wanda ya ce albarka yau shi ne yake dawowa bayan kwana biyu ya ce ka zo ka ɗauka. Idan hakan ta faru, kada ka ce tunda ya dawo bari ka rage zuwa 80. Ka ce 83, to ka biya 83.

Saura ranar haɗuwa, kuma a nan ma akwai ƙa'idar da ta shafi mutuncinka. Kada ka tura kafin alƙalami don a ajiye maka wayar da ba ka gani ba, domin wannan ita ce hanyar damfara da ta fi yawa a irin wannan ciniki, kuma ko mai kayan na gaskiya ne, kuɗinka da ke hannunsa sun raunana matsayinka. Ku haɗu da rana a wurin da jama'a suke, inda akwai intanet, ka zo da layinka da abin cire shi. Ka sa layin ka yi kira, ka gwada sifika da makirfo da kyamarorin gaba da baya, ka jona caja ka ga tana ɗauka ba tare da an karkata igiyar ba, ka bi duk sassan fuskar da yatsa, ka leƙa cikin ramin layi ka ga ko ɗan tambarin da ke ciki ya koma ja, wanda ke nuna ruwa ya taɓa shiga. Idan komai ya yi daidai da abin da ya faɗa, ka biya abin da kuka yi ba tare da neman ko ragin sisi ba. Mutumin da ya bari sai mai kaya ya taso ya zo sannan ya ce a rage masa, yana amfani da wahalar da ɗan'uwansa ya sha ne don ya matse shi, kuma ni ban ɗauki wannan a matsayin iya ciniki ba.

Amma idan ka tarar da abin da ba a faɗa maka ba, to ciniki ya buɗe sabo, kuma kana da cikakken haƙƙin ka sake lissafi. Mu ce ka shiga shafin About ka ga Unknown Part a gaban fuska, alhali hoton da ya turo bai kai wurin ba, ka kuma lura babu True Tone, wato maɓallin daidaita launin fuskar waya da hasken wuri, a saitin haske, wanda sau da yawa yake ɓacewa idan an sa fuskar da ba ta asali ba. Kada ka ce ya yaudare ka, domin mai yiwuwa shi ma haka ya saye ta bai sani ba. Ka juya masa wayar ya gani da idonsa, ka ce, "Malam, dubi nan, an taɓa canza fuskar, kuma 83 da muka yi a kan fuskar asali muka yi ta." Daga nan ka kira mai gyaranka a gabansa ka tambayi bambancin kuɗin da ke tsakanin mai fuskar asali da wadda aka canza, ka cire shi daga 83, ka faɗi sabon adadin sau ɗaya. Idan kuwa Face ID ne ka tarar ba ya aiki, shawarata ka fasa gaba ɗaya, saboda gyaransa yana da wuya da tsada, kuma yawanci yana nuna wayar ta sha mummunar faɗuwa ko ruwa ko hannun mai gyaran da bai ƙware ba.

Idan kun daidaita, kada kuɗi su bar hannunka sai ya kashe Find My, wato saitin da makullin Activation Lock yake tare da shi, ya fita daga asusunsa, ya goge wayar ta hanyar Erase All Content and Settings, sannan ka kunna ta ka bi matakan farko da intanet har ta wuce ba ta nemi asusun kowa ba. A wayar Android kuma ya cire asusunsa na Google, da na kamfanin wayar idan akwai, kafin a goge ta. Wannan ba zai ɗauke ku fiye da 'yan mintuna ba, kuma mai kayan gaskiya ba zai ƙi jira ba. Daga nan ka biya, ka kuma nemi ya tura maka gajeren saƙo mai ɗauke da samfurin wayar da lambar IMEI da adadin da ka biya da kwanan wata, ka adana shi tare da hoton tallar tun kafin ya goge ta.